Loferamaid: Maganin da Ke Tsayar da Gudawa, da Ranar da Bai Kamata a Tsayar da Ita Ba



Sharhinmu na yau a kan wani ɗan ƙaramin kafso ne da kusan kowane kemis ke da shi, ana kuma samunsa har a tiren masu tallar magani a tashoshin mota. Sunansa loferamaid. Wanda zai duba kwali, haruffan da zai gani su ne L-O-P-E-R-A-M-I-D-E. Da yawa sun fi saninsa da sunan kasuwa, Imodiyum, amma kamfanoni barkatai ne ke yin sa da sunaye daban-daban, don haka sunan sinadarin shi ne abin dubawa. Wani kamfani a ƙasar Beljiyam mai suna Jansen ne ya fara haɗa shi a shekarar 1969, ya shiga kasuwa cikin shekarun 1970, yau kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Magani ne na gaske, yana aiki, kuma saurin aikinsa ne ya sa ake shansa a inda ya dace da inda bai dace ba.

Bari mu fara da abin da yake yi a ciki, domin wanda ya gane wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

A kowace rana, ruwan da ke bi ta hanjin babban mutum ya kai lita 8 zuwa 9. Kaɗan ne daga ciki muka sha da baki, mafi yawa yawu ne da ruwan tumbi da na matsarmama da sauran ruwan narka abinci da jiki ke zubowa. Hanji yana tsotse kusan duka ya mayar wa jiki, abin da ke fita da bayan gida bai wuce rabin kofin shayi zuwa kofi ɗaya ba. Idan wata ƙwayar cuta ko gurɓataccen abinci ya taɓa hanjin, sai ya riƙa tura abin da ke cikinsa da gaggawa, ko ya riƙa zubo da ruwa fiye da wanda yake tsotsewa. Ita ce gudawa. Loferamaid yana zuwa jijiyoyin bangon hanji ya rage musu motsi. Abinci ya daɗe a ciki, hanji ya sami lokacin tsotse ruwa, bayan gida ya yi kauri, dubura kuma ta ƙara riƙo, mutum ya daina jin wannan matsuwar da ke sa a ruga makewayi. Yawanci cikin awa ɗaya ake fara ganin sauƙi.

To, a lura da abin da ban ambata ba. Ban ce yana kashe ƙwayar cuta ba, domin ba ya kashewa. Ban ce yana mayar da ruwa da gishirin da suka riga suka fita ba, domin ba ya mayarwa. Aikinsa ɗaya ne, ya rage tafiyar hanji. Idan abin da ya jawo gudawar mai wucewa ne, wanda jiki zai kawar da kansa cikin kwana 2 ko 3, to rage tafiyar hanji sauƙi ne ga mai ciwo. Idan kuwa abin da ke ciki yana cin bangon hanjin ne, to an rufe ƙofa da ɓarawo.

Mu ɗauki misali, don a ga yadda ake shansa daidai. A ce direban babbar mota ne, ɗan shekara 40, lafiyayye, ba ya shan wani magani na yau da kullum. Ya taso daga Kano zai je Legas, ya tsaya a hanya da daddare ya ci shinkafa da miya da aka ɗumama. Da asuba cikinsa ya fara ƙugi. Kafin ƙarfe 8 ya zaga sau 4, ruwa tsululu, launin bayan gida na yau da kullum. Cikin yana murɗawa kafin ya zaga, ya lafa bayan ya zaga. Jikinsa ba zafi, ba ya jin sanyi. Ya duba da kyau, babu jini, babu majina. Yana shan ruwa yana zama, ba ya amayarwa. Wannan mutum shi ne wanda aka yi loferamaid dominsa.

Amma ko shi, abu na farko da zai nema a kemis ba kafson ba ne, ruwan gishiri da sukari ne, wanda ake kira O-R-S. Mu kan ɗauka na yara ne kawai, alhali babba ma yana bushewa. Ya karanta bayan ƙullin, domin akwai mai lita 1, akwai wanda bai kai ba. Idan mai lita 1 ne, ledar fiya-wata 2 masu rabin lita sun isa. Idan babu a kemis ɗin, sai ya haɗa da kansa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya ɗanɗana, kada gishirin ya wuce na hawaye. Duk lokacin da ya zaga, ya bi da kofi 1 ko 2.

Sannan kafson. Kowane ɗaya miligiram 2 ne. Da ƙarfe 8 ya sha guda 2 a tare, miligiram 4 ke nan. Daga nan ba a shansa da agogo, ba safe da rana da dare ba ne. Ana shan guda 1 ne kawai bayan kowane zagayen da ya fito ruwa. A ce da ƙarfe 11 ya sake zagawa ruwa, sai ya sha 1, jimla ta zama miligiram 6. Da la'asar ya kuma, ya ƙara 1, jimla ta zama miligiram 8, kafso 4. A nan nake ba shi shawarar ya tsaya na wannan rana. Ƙasashe sun bambanta a iyakar da suka sa wa mai sayen magani da kansa: Amurka ta tsaya a miligiram 8 a awa 24, Birtaniya ta kai 12. Miligiram 16, wato kafso 8, ita ce iyakar ƙarshe, ita kuma ta likita ce da yake bibiyar mara lafiyarsa. Ni dai na fi son mai saya a tasha ya riƙe kafso 4. Da zarar bayan gida ya yi kauri, ko aka yi awa 12 ba a zaga ba, a ajiye maganin. Ba kamar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne da ake cewa sai an shanye. Wanda ya ci gaba da sha don kada ta dawo, gobe zai zo yana kukan ciki ya ɗaure.

Akwai kuma iyakar lokaci: awa 48. Idan kwana 2 suka cika gudawa ba ta tsaya ba, ƙarin kafso ba zai yi abin da na farko ya kasa ba, sai a tafi asibiti. Tun da direba muka ɗauka, in ƙara da cewa maganin yana sa wasu jiri ko gyangyaɗi, ga kuma rashin ruwa a jiki yana kawo nasa jirin. Ya ɗan huta ya ga yadda jikinsa ya karɓa kafin ya kama sitiyari.

Yanzu mu sauya abu kaɗan a labarin. Direban nan dai ne, amma tun dare yake jin sanyi-sanyi, jiki ya yi zafi, kai na sara. Zagayen ba mai yawan ruwa ba ne, kaɗan-kaɗan ne, amma ya je sau 10. Yana tsugunawa ya yi ta yunƙuri da nishi, abin da zai fito bai cika cokali 2 ba, majina ce gauraye da jini, ya tashi yana jin kamar bai gama ba. Mara tana ciwo, musamman ɓangaren hagu. Wannan atuni ne, kuma wannan mutum kada ya sha loferamaid ko guda ɗaya, komai nisan tafiyar da ke gabansa.

Ga dalili. Ƙwayoyin cutar da ke kawo irin wannan, kamar shigela da kamfilobakta da wasu nau'in salmonela, ba a cikin ramin hanji suke tsayawa ba. Suna kutsawa cikin fatar babban hanji, su ƙwaƙule ta, ta kumbura ta yi gyambo. Jinin da ake gani daga gyambon yake. Majinar kuma haɗe take da ruwan ƙwayoyin garkuwar jiki da suka fito faɗa. Zazzaɓin shi ne shaidar cewa abin ya wuce ramin hanji ya shiga nama. A wannan hali, yawan zagayen, duk da wahalarsa, yana fitar da ƙwayoyin cutar da dafinsu. Idan aka dakatar da shi, sai su daɗe manne da gyambon. Tun 1973 wasu likitoci biyu a Amurka, Dufon da Honik, suka gwada wani ɗan'uwan wannan magani mai suna Lomotil a kan manya masu ɗauke da shigela, suka ga zazzaɓi ya fi daɗewa a jikin waɗanda suka sha. Tun daga lokacin likitoci suke kaffa-kaffa da duk wani mai tsayar da hanji idan akwai jini ko zazzaɓi.

Abin da aka fi tsoro shi ne babban hanjin da ya riga ya kumbura ya daina motsi gaba ɗaya. Iska da ruwa su taru, ya buɗe ya yi faɗi, a hoton asibiti a ga ya wuce santimita 6, bangonsa ya yi siriri har ya iya fashewa. Muguntar abin ita ce yana fara zuwa ne da siffar sauƙi. 'Yan'uwa su ce alhamdu lillahi gudawa ta tsaya, alhali hanjin ne ya daina motsi. Yadda za a gane: gudawa ta tsaya amma mai ciwon ya ƙara jigata. Ciki ya kumbura ya yi tauri, an taɓa ya yi ƙara, ba ya ko tusa, zazzaɓi ya hau, zuciya na bugawa da sauri, wani har ya fara sambatu. Duk wanda aka ga haka a jikinsa, ba a kwana da shi a gida, kuma asibitin da za a nufa ya zama mai ɗakin tiyata. Wannan ba ya yawan faruwa, gaskiya ne, amma idan ya faru rai ake magana.

Akwai kuma wani nau'in ƙwayar ikolai mai fitar da dafi, wanda ke kawo gudawar jini sau da yawa ba tare da wani zazzaɓin kirki ba. Dafinsa na iya bi ta jini ya lalata ƙoda, kuma masu tsayar da hanji suna ƙara wannan haɗari. Haka atunin amiba, shi ma yakan zo da jini da majina, jiki kuwa ba zafi sosai. Saboda haka kada wani ya ce ai jini ne kawai, ba ni da zazzaɓi. Jini shi kaɗai ya isa hani. Zazzaɓi shi kaɗai ma ya isa. Ba sai sun haɗu ba.

Nan ne nake da 'yar magana da mutanenmu a kan basir. Duk jinin da ya fito ta baya, sai mu ce basir ne, mu nemi jiƙo. Jinin basir na gaskiya yawanci ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama, ko a gan shi a saman bayan gida mai tauri ko lokacin tsarki, ba ya zuwa da zazzaɓi ko murɗawar mara. Jinin atuni a cakuɗe yake da bayan gidan da majinar. Idan mai basir ya kamu da gudawa ya ga jini, ya kasa tantance wanne ne, ya ɗauka na atuni ne har sai ma'aikacin lafiya ya ce masa a'a. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, shi ma jini ne, daga sama ya taho, sai dai in mutum yana shan maganin ƙarin jini mai sa baƙi. Kuma mai zagawa cikin duhu, ko a masai mai zurfi, bai ga komai ba, don haka ba zai ce babu jini ba. Ya ɗauki tocila, ko ya yi a fo sau ɗaya ya duba. Abin ƙyama ne, na sani, amma dubawar minti ɗaya ce.

Game da zazzaɓi, likitoci sukan sa iyaka a digiri 38.5 a ma'aunin zafin jiki. Gidaje nawa ne ke da ma'aunin? Don haka ni ƙa'idata mai sauƙi ce: in jiki ya yi zafin da wani zai taɓa ya ji, ko ana rawar sanyi, a bar maganin. A hattara kuma da farasitamol. Wanda ya sha shi da safe, zazzaɓin ya sauka da hantsi, bai zama marar zazzaɓi ba, ɓoye shi ya yi. Ga wani dalili da ya shafe mu musamman: a ƙasarmu zazzaɓi da gudawa tare na iya zama zazzaɓin cizon sauro, na iya zama taifot. Mutum ya tsayar da gudawa ya ji daɗi, ya yi kwana 2 bai je gwajin jini ba, cutar ta ainihi tana can tana ci.

Sai kwalara, wadda ke da ruɗi ta wata fuskar, domin ita ba jini, kuma yawanci ba zazzaɓi. Mai bin ƙa'idar jini da zazzaɓi kaɗai zai ce ai ta halatta. A'a. Gudawar kwalara fara ce kamar ruwan da aka wanke shinkafa, tana zuba da yawa ba tare da murɗawar kirki ba, ga amai, ga ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, ido ya faɗa, murya ta dushe. Mai tsanani na iya zubar da kusan lita 1 a awa guda, ya rasu cikin yini. A 2021 Najeriya ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauci da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Abin da ke ceton mai kwalara ruwa ne, na baki ko ƙarin ruwa ta jijiya. Dafinta yana sa hanji ya zubo da ruwa, kafso ba zai rufe wannan ba, sai dai ya ci lokacin da ya kamata a ce ana hanyar asibiti. In damina ce, kuma an ji amai da gudawa ya shiga unguwa, duk gudawar ruwa mai yawa a ɗauke ta kwalara, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga gida har cikin mota.

Wata gudawar kuma magani ne ke jawo ta. Wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amfisilin ko kilindamaisin ko sifro ko allurar seftiriyazon, musamman dattijo ko wanda ya kwanta asibiti, sai gudawa ta kama shi yana kan sha ko bayan 'yan makonni, akwai yiwuwar maganin ya kashe ƙwayoyin kirki na hanji, wata muguwa da likitoci ke kira sidif ta mamaye wurin. Tana daga cikin manyan masu kai hanji ga wannan kumburin da na faɗa. Irin wannan mutum ya koma wurin wanda ya rubuta masa maganin. Wannan ne ma ya sa ba na son ɗabi'ar nan ta haɗi, inda za a ce wa mai kemis ciki na gudu, ya ƙulla filajil 2, ja da yalo 2, loferamaid 2 a leda ɗaya. Gudawar ruwa ta yau da kullum ba ta bukatar biyun farko. Atuni kuwa yana bukatar maganin da ya dace da ƙwayarsa, cikakken kwanaki, domin na amiba daban, na shigela daban. Akwai lokacin da likita kan haɗa loferamaid da maganin kashe ƙwayoyin cuta, misali ga matafiyi, amma bayan ya tabbatar ba atuni ba ne.

Wasu mutanen, ko gudawarsu ta ruwa ce zalla, su tambaya kafin su sha. Mai ciwon hanta, domin hanta ce ke narkar da maganin, in ta gaza sai ya taru ya kai ƙwaƙwalwa. Mai cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa. Wanda likita ya ce yana da gyambon babban hanji mai tashi yana kwantawa. Mai juna biyu da mai shayarwa. Sai tsoho ko tsohuwa da suka yi kwanaki ciki a ɗaure, sannan aka ga ruwa-ruwa na zubo musu: sau da yawa bayan gida ne ya daskare ya toshe hanya, ruwa ke zagayowa ta gefe, kuma wanda ya ba su mai tsayar da hanji ya ƙara toshe su. Yara kuwa ba sa cikin zancen. An hana shi ƙwarai ga 'yan ƙasa da shekara 2, kuma a 1990 an janye na ɗigawa a baki daga kasuwa bayan jarirai sun mutu a Fakistan saboda hanjinsu ya tsaya. Ɗan ƙasa da shekara 12 kada a ɓalla masa kafson babba a gida. Nasa ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zink.

Saura batun zuciya. Loferamaid dangin su kodin ne da mofin ta fuskar inda yake kamawa a jiki, sai dai a ƙa'idar da aka sa ba ya bugarwa, domin kaɗan ne ke shiga jini, kuma jiki na da hanyar hana shi shiga ƙwaƙwalwa. Wasu masu shaye-shaye sun ji labarin dangantakar, suka riƙa haɗiye kafso gommai a lokaci guda. Abin da suka samu shi ne rikicewar bugun zuciya, suma, wasu mutuwa. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka. Ba masu shaye-shaye kaɗai abin ya shafa ba. Wasu magungunan suna hana jiki fitar da loferamaid, sai ya taru ko ba a zarce iyaka da yawa ba: kwinidin, eritiromaisin, kilaritiromaisin, ketokonazol, simetidin na gyambon ciki, da ritonabir da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau. Mai shan ɗaya daga cikinsu, ko mai ciwon zuciya, ya faɗa wa mai ba da magani tun kafin a miƙo masa. Wanda kuma ya sha loferamaid ya ji zuciya na faɗuwa ko bugawa ba bisa tsari ba, ko ya yanke jiki ya faɗi, a garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalin maganin da sauran ƙwayoyin da suka rage, domin da ƙirga guraben da aka ɓalle ne likita zai san nawa ya sha.